Kafin a Kai Kundi Wajen Ɗinki: Yadda Ake Tabbatar da Tebur, Zane da Rubutu Bakinsu Ɗaya

Na shafe shekaru ina buga wa ɗalibai kundin bincike a wani ɗan shago a Samaru, kuma abin da na lura shi ne ba kasafai lamba ke shiga rahoto da kuskurenta tun farko ba. Yawanci daidai take ranar da aka rubuta ta. Daga baya ne ake taɓa wani abu a tushen lissafin, sai a gyara tebur, a manta da jimlar da ke shafi na gaba, a manta da zanen da aka liƙa tun watan jiya, a manta da tsakure da ke can farkon kundi. Sai rahoto ɗaya ya wayi gari da lambobi tsara biyu, tsofaffi da sababbi, suna zaune gida ɗaya ba sa ga maciji.

Zan bi da ku ta kan aiki ɗaya da na duba da hannuna, na 'yar yayata, wadda ta yi bincike kan takin da manoman masara ke amfani da shi a wasu ƙauyuka huɗu ta wajen Giwa. Ta kawo min shi da yammar wata Laraba cikin hunturu, saura kwana biyar ta miƙa.

"Kawu, an gama duba komai," in ji ta. "Bugawa kawai za ka yi min, gobe in kai ɗinki."

Na ce ta zauna tukuna, ta ba ni babi na huɗu.

Da farko a daina taɓa fayil

Ba a auna hatsi ana zuba wani a kai. Kafin ka duba lamba ko ɗaya, ka tsayar da fayil guda, ka sa masa suna da kwanan wata, ka ce wannan ne za a duba. A filash ɗinta na tarar da fayil huɗu masu suna kusan iri ɗaya, biyu daga cikinsu duk an rubuta musu na ƙarshe. Sai da muka duba ranar da aka adana kowanne muka gane na gaskiyar.

Idan malamin da ke duba aikin ya yi gyara da `Track Changes`, a karɓi gyaran ko a ƙi shi gaba ɗaya kafin a fara. Dalili shi ne Word yana ci gaba da ƙirga taken teburin da aka goge muddin ba a karɓi gogewar ba, sai lambobin tebur su yi tsalle.

Daga nan a buga babin a takarda. Na san kuɗi ne, amma ido yana zamewa a kan allon kwamfuta, kuma kana buƙatar ka ajiye tebur a hannun hagu, rubutu a hannun dama, ba ka yi ta hawa da sauka ba. Ka tanadi jan biro, kalkuleta da rula.

Mutum nawa aka tambaya?

Wannan ita ce tambayar farko, domin duk wani kashi cikin ɗari a kanta yake tsaye. A babi na uku ta rubuta cewa ta raba takardun tambayoyi 120, wato 30 a kowane ƙauye. A ƙasan Tebur 4.3 kuwa jimilla ta nuna 114.

"Ina sauran shida?"

"Ai ba su cika ba, Kawu. Malam ya ce a cire su."

"Yaushe aka cire?"

Ta yi shiru tana tunani, ta ce bayan ta gama rubuta babin karon farko.

To daga nan na san inda gizo ke saƙar. Duk jimlar da ta rubuta kafin a cire mutum shidan nan abin zargi ce har sai ta wanke kanta. Kai ma idan kana duba naka ko na wani, ka yi wannan tambayar: tun da aka fara rubutu, me aka canza a bayanan asali? An cire wasu? An ƙara wani ƙauye? An haɗe rukuni biyu? Ka rubuta amsar a saman takardarka. Ita za ta nuna maka inda za ka fi tsananta bincike.

Sai ka buɗe tushen, wato fayil ɗin Excel ko sakamakon manhajar ƙididdiga ta SPSS da aka ciro teburin daga ciki. Tsarin duban hanya ɗaya yake bi: tebur a auna shi da tushe, sannan rubutu da zane a auna su da tebur. Kada ka auna jimla da jimla. Idan shafi na 41 da shafi na 58 sun faɗi lamba ɗaya, hakan bai nuna komai ba, mai yiwuwa ɗaya aka kwafa daga ɗaya, duka biyun tsofaffi.

Tebur shi da kansa

Ga abin da ke cikin nata Tebur 4.3, bayan mun tabbatar ya yi daidai da fayil ɗin mutum 114:

| Irin taki | Yawan manoma | Kashi cikin ɗari |
|---|---|---|
| NPK kaɗai | 41 | 36.0 |
| Yuriya kaɗai | 18 | 15.8 |
| NPK da yuriya | 38 | 33.3 |
| Takin gargajiya kaɗai | 17 | 14.9 |
| Jimilla | 114 | 100.0 |

Abu biyu ake yi wa kowane tebur irin wannan. A tara yawan mutanen da kalkuleta a ga ko ya ba da jimillar da aka rubuta: 41 da 18 da 38 da 17 sun ba da 114. Sannan a sake fitar da kowane kashi: 41 a raba da 114 a ninka da 100 ya ba da 35.96, wanda idan aka taƙaita zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo ya zama 36.0. Idan teburan suna da yawa, a zuba yawan mutanen a Excel daga `B2` zuwa `B5`, a sa waɗannan:

```
B6:  =SUM(B2:B5)
C2:  =ROUND(B2/B$6*100,1)
```

Sai a ja na biyun ƙasa har `C5`, a kwatanta da abin da ke takarda.

Wani abu da ke tayar wa ɗalibai hankali a banza shi ne idan kason ya taru ya ba da 99.9 ko 100.1. Wannan ba kuskure ba ne. Da manoman nan 114 sun kasu gida uku daidai, 38 kowanne, da kowane gida ya samu 33.3, jimilla 99.9. Na sha ganin wanda zai mayar da ɗaya 33.4 don ya cike ɗari, sai ya zama rukuni uku masu mutane daidai amma ɗaya ya fi sauran kashi. Mai jarrabawa mai ido zai gani. A bar lambobin yadda suke, a sa ɗan bayani a ƙasan tebur cewa saboda taƙaita lambobi jimilla ba lallai ta cika 100 cif ba. Amma idan ka ga 98 ko 103 a tebur mai rukuni huɗu ko biyar, ruwa ba ya tsami banza, akwai layin da ya ɓace ko lambar da aka buga ba daidai ba.

Sai dai tambayar da aka yarda mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya. A nata, manoma 96 sun ce tsadar taki ce matsalarsu, 60 sun ce ƙwari, wato 84.2 da 52.6. Tun a nan an wuce ɗari, kuma daidai ne, tunda mutum ɗaya yana iya kuka da duka biyun. Abin dubawa shi ne ko an faɗi haka a ƙasan teburin, kuma kada a rubuta 100 a layin jimilla.

Masu aiki da SPSS akwai tarko ɗaya da ya fi kama su. Teburin ƙirga da yake fitarwa yana da `Percent` da `Valid Percent` gefe da gefe. Na farko yana rabawa da kowa da kowa, na biyu yana rabawa da waɗanda suka amsa tambayar kaɗai. A tambayar girman gona, mutum 110 ne suka amsa mata cikin 114. Manoma 44 masu ƙaramar gona sun zama 38.6 a layin farko, 40.0 a na biyu. Ta ɗauki ɗaya ta sa a tebur, ta ɗauki ɗayan ta sa a rubutu. Dukansu lissafi ne na gaskiya, amma dole a zaɓi ɗaya, a kuma rubuta a taken teburin cewa mutum 110 ne.

Yanzu rubutu, jimla bayan jimla

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi so a daɗe.

Ka ɗauki jan biro ka zagaye kowace lamba da ke cikin rubutun babin, ko da ta shekara ce. Idan kana son kwamfuta ta taimaka, ka buɗe `Advanced Find` a Word, ka rubuta `^#`, ka danna `Reading Highlight` sannan `Highlight All`. Duk wani adadi zai fito da launi. Daga nan kowace lamba ka tambaye ta gidansu: daga wane tebur, wane layi? Idan ka same ta, ka sa alama a kanta a rubutu, ka sa ɗigo a kanta a tebur. Wadda ba ta da gida ka ja mata layi biyu.

Mu biyu muka yi. Ita tana karanta jimla da ƙarfi, ni ina riƙe da tebur. Haka ya fi, domin mai rubutu ba ya karanta abin da ke takarda, abin da ke kansa yake karantawa. Idan kai kaɗai ne, ka rufe sauran shafin da farar takarda, ka bi layi ɗaya ɗaya.

Jimlar farko ƙarƙashin teburin ta ce kashi 37.5 na manoman NPK kaɗai suke zubawa. Tebur ya ce 36.0.

"Wataƙila hannu ne ya zame," in ji ta.

Hannu ba ya zamewa daga 36.0 zuwa 37.5. Zamewar hannu tana da kamanninta: 63 a madadin 36, ko 3.60, ko lamba ɗaya ta faɗi. Idan bambancin ɗan kaɗan ne kuma lambar tana da kyan gani, to daga wani lissafin ta fito. Ga yadda ake gano shi. Ka mayar da kason zuwa mutane: kashi 37.5 na 114 shi ne 42.75. Babu manomi rubu'i uku. Ka gwada maƙwabtansa: 42 cikin 114 ya ba da 36.8, 43 ya ba da 37.7. Babu adadin mutanen da zai haifi 37.5 daga 114. Sai ka gwada tsohuwar jimilla: kashi 37.5 na 120 shi ne 45 cif. Ka ga an kama ɓarawo da kaya a hannu. Muka buɗe tsohon fayil, ga shi nan: 45, 18, 39, 18.

Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai idan an ba ka rahoto ba a ba ka bayanan asali ba. Amma yana da iyaka, kuma a teburin nan ma ya nuna iyakarsa. Jimla ta gaba ta ce kashi 32.5 suna haɗa NPK da yuriya. Idan ka gwada, 37 cikin 114 ya ba da 32.46, wato 32.5. Ta tsallake gwajin lafiya lau, alhali tsohuwa ce, 39 cikin 120, kuma gaskiyar ita ce 38 da 33.3. Saboda haka gwajin yana kama mai laifi wani lokaci, amma ba ya wanke kowa. Kuma idan mutanen da aka tambaya sun kai dubu ko fiye, ya daina aiki, tunda kusan kowane kashi zai samu adadin da ya dace da shi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne layin yuriya. Cikin mutum shidan da aka cire babu mai yuriya kaɗai ko ɗaya, don haka 18 ne a tsohon fayil, 18 ne a sabo. Ta duba ta ga 18 bai motsa ba, ta bar jimlar yadda take, da kashi 15.0. Amma abin rabawa ya sauya, kason ya koma 15.8. Idan jimilla ta canza, duk kason teburin ya canza, har na layin da ba a taɓa ba.

Bayan ka gama daga rubutu zuwa tebur, ka juya. Ka dubi teburin ka ga waɗanne lambobi ne ba su samu ɗigo ba. Ba dole ne a ambaci kowace ba, amma idan tebur sukutum ba shi da ɗigo ko ɗaya, to ba a yi maganarsa ba ko kaɗan, ko dai a yi masa bayani ko a kai shi rataye.

Lambobin da ke ɓuya cikin kalmomi

Jan biro ba zai zagaye su ba, kwamfuta ma ba za ta haska su ba, saboda ba adadi aka rubuta ba. Mafi yawa, rabi, kusan duka, ninki biyu, mafi ƙaranci, daidai da, ya ƙaru, ya ragu. Kowace daga cikinsu lissafi ce, dole a auna ta da tebur.

Ta rubuta cewa masu yuriya kaɗai da masu takin gargajiya kaɗai yawansu ɗaya. A tsohon fayil haka ne, 18 da 18. Yanzu 18 ne da 17. Jimlar ba ta da adadi ko ɗaya, amma ta tsufa kamar sauran. A wani wuri ta ce mafi yawan manoma NPK kaɗai suke zubawa. Na ce mata kashi 36 ba mafi yawan mutane ba ne, sauran 64 ai sun fi su. Abin da take nufi shi ne rukuninsu ya fi kowane rukuni girma. Maganar mafi yawa sai an haura rabi. Inda ya dace da ita shi ne masu takin zamani gaba ɗaya, 41 da 18 da 38, wato 97 cikin 114, kashi 85.1. Irin wannan lambar da marubuci ya haɗa da kansa ba za ka same ta a tebur ba, sai ka sake haɗa ta da kalkuleta, kuma ka haɗa daga yawan mutane, ba daga kason da aka riga aka taƙaita ba.

Ma'auni kuma yana da nasa rikicin, musamman a aikin gona. Teburinta ya ce matsakaicin amfanin da aka samu tan 2.4 ne a hekta. A rubutu, don ta sauƙaƙa, ta ce buhu 24 a eka. Tan 2.4 kilo 2,400 ne, idan buhun masara kilo 100 ne sai ya zama buhu 24, ya yi daidai. Amma a hekta. Hekta ɗaya eka 2.47 ce, don haka a eka bai cika buhu 10 ba. Ta ninka wa manoman amfaninsu kusan sau biyu da rabi da kalma ɗaya. Manoma da eka suke magana, masu bincike da hekta suke rubutu, kalmar kadada kuwa wani eka yake nufi da ita wani hekta. Haka buhu: na takin zamani kilo 50 ne, na masara ya kusa ninkinsa. Duk inda ka ga lamba ta dace, kada ka ɗaga biro sai ka dubi abin da ke bin bayanta.

Zane

Zane shi ne ya fi kowa taurin kai, domin yawanci hoto ake liƙawa daga Excel, kuma hoto ba ya sanin an gyara tebur.

Nata zanen sanduna huɗu ne, babu lamba a kan kowace. Tun kafin in ɗauki rula na ga sandar yuriya da ta takin gargajiya tsawonsu ɗaya, kamar tagwaye. Tsohon lissafi ke nan. Don ta gani da idonta na auna: layin tsaye daga 0 zuwa 50 ya ɗauki santimita 10 a takarda, ke nan kowane kashi ɗaya milimita 2 ne. Sandar NPK ta kamata ta tsaya a santimita 7.2. Rula ta nuna 7.5.

Maganin ba gyaran hoto ba ne. A koma Excel, a sake zanen daga lambobin tebur na yanzu, a danna dama a kan sandunan a zaɓi `Add Data Labels` don kowace ta ɗauki lambarta a ka. Daga ranar, duba zanen ya zama karatu kawai, babu rula.

Sauran abin dubawa a zane ba su da wuya. Layin tsaye ya faɗi abin da yake aunawa, mutane ne ko kashi. Na ga zanen da aka rubuta wa kashi cikin ɗari alhali sandunan yawan mutane suke nunawa, kuma idan jimilla tana kusa da ɗari, kamar 114, ba a saurin ganewa, tunda 41 da 36 ba su yi nisa ba. Zanen sanduna ya fara daga sifili: da an fara nata daga 10, sandar NPK za ta yi kamar ta ninka ta yuriya sau huɗu da rabi, alhali sau biyu da ɗan ɗoriya ne, kuma marubuci kan dubi zanen ya rubuta abin da idonsa ya gani. Sai launi. Ja da kore da suka bambanta a allo, idan aka buga da baƙar tawada ko aka yi fotokofi sukan koma toka iri ɗaya, mai karatu ya kasa gane wanne ne wanne. A buga gwaji a gani.

Take da lambar tebur

Taken tebur ko na zane gajere ne, shi ya sa ake tsallake shi, alhali cike yake da abin dubawa. Ka karanta shi kalma kalma kana tambaya: abin da ya ce, shi ne a ciki? Wurin daidai ne? Shekarar daidai ce? Yawan mutanen fa? Taken zanenta yana ɗauke da `n = 120` har lokacin. A ƙasan wani tebur ta rubuta NPK 15-15-15, a rubutu kuma 20-10-10. Duka biyun ana sayar da su a kasuwa, amma ba abu ɗaya ba ne, sai da ta koma takardun tambayoyin ta tabbatar. Irin wannan yana faruwa ne idan an kwafi taken wani tebur don a gyara shi, aka gyara rabi aka bar rabi.

Sai lambar tebur. Malaminta ya sa ta ƙara teburin shekarun manoma dab kafin na taki, sai na taki ya tashi daga 4.2 ya koma 4.3, duk na bayansa suka gusa. Ta gyara lambobin da ke kan teburan da hannu, amma a cikin rubutu har yanzu ana tura mai karatu ga Tebur 4.2 don ya ga taki, ya je ya tarar da shekaru.

Ga yadda ake kama su. Ka danna `Ctrl+F`, ka rubuta `Table 4`, Word zai jero duk inda aka ambata. Kowane ɗaya ka je ka ga ko teburin da aka kira shi ne mai maganar da jimlar ke yi. Ka maimaita da `Figure`, da `Fig.`, da `Appendix`. Ka nemo kuma irin su teburin da ke sama, zanen da ke ƙasa, domin idan shafuka suka gusa na sama kan koma ƙasa. A maye su da lamba.

Mai aikin da bai yi nisa ba, ya huta da wannan wahalar tun yanzu. A `References` akwai `Insert Caption`, shi ke ba tebur lamba da kansa. Akwai `Cross-reference`, shi ke sa ambaton teburin a cikin jimla. Idan an ƙara tebur ko an cire, sai a danna `Ctrl+A` sannan `F9`, duk lambobin su daidaita, har da jerin tebura na farkon kundi in an yi shi da `Insert Table of Figures`. Bayan haka a nemi kalmar `Error!`, domin idan an goge teburin da wata jimla ke nunawa, Word zai rubuta `Error! Reference source not found.` a tsakiyar rubutu da baƙi mai kauri. Na taɓa ganin sa a kundin da aka riga aka ɗinke da bango mai ruwan zinare. A kuma sani cewa taken da ke cikin akwatin rubutu `Ctrl+A` ba ya kai wa gare shi, sai an shiga akwatin an danna `F9` daban.

Ga nata, da saura kwana biyar, ban ce ta sake tsarin ba. Da hannu muka bi, ambato goma sha tara, bakwai suka fito karkatattu.

Inda tsofaffin lambobi ke zuwa su ɓoye

Da muka gama babi na huɗu ta fara tattara takardu. Na ce tsugune ba ta ƙare ba. Duk lambar da muka gyara na riga na rubuta ta a gefe, tsohuwa da sabuwa: 120 da 114, 37.5 da 36.0, 32.5 da 33.3, 15.0 da 15.8, 15.0 da 14.9. Sai muka nemi kowace tsohuwa da `Ctrl+F` a cikin kundin gaba ɗaya. Kada a yi amfani da `Replace All` a nan. Akwai 120 da ya kamata ya zauna, na babi na uku inda aka ce an raba takardu 120, kuma 15.0 gida biyu take komawa. Ɗaya bayan ɗaya ake bi.

Mun samu 37.5 a babi na biyar wajen tattaunawa, mun same ta a shawarwari an taƙaita ta zuwa 38, wadda neman kwamfuta bai kama ba sai da ido. Wannan kuwa mugun wuri ne, domin akwai 38 a teburin, yawan masu haɗa taki biyu, mai duba da gaggawa zai ga ta dace ya wuce. Mun kuma same ta a tsakure, shafin da mai jarrabawa ke fara karantawa. A babi na uku muka ƙara jimla ɗaya da ta ce an raba 120, an yi aiki da 114, saboda shida ba su cika ba.

Na ƙarshe shi ne bayan an mayar da fayil PDF don bugawa. Ba a sake lissafi a nan, ana duba ne ko wani abu ya gusa: take ya rabu da teburinsa ya tsaya shi kaɗai a ƙarshen shafi, dogon tebur ya tsallaka shafi ba tare da layin kansa ba, layin ƙarshe na dama ya yanke a gefen takarda, lambobin shafi a jerin tebura ba su dace ba. Kwamfutar shago da laftof ɗin ɗalibi ba lallai su jera shafi iri ɗaya ba, don haka PDF ɗin da za a buga shi za a duba, ba wani ba.

Mun fara bayan la'asar, muka tashi ana kiran isha. Washegari da safe ta dawo da sabon zanen, kowace sanda da lambarta a ka. Na buɗe jerin zane na farkon kundin don in ga shafin da ya nuna, sai ga taken nan a layi na uku, wanda ta buga da hannu tun watanni, yana ɗauke da 120 ɗinsa.

"Kawu, wannan kuma daga ina?"

Na miƙa mata jan biron.